Fankokin caji suna dawo min, ta yaya zan saka kuɗin garanti a farashi?

Sani Mai Fanka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon kayan lantarki a Gombe. A zafin bana na sayar da fanka mai caji guda 80, sarin Kano. Kowace ta iso min shago a kan naira 39,500 har da kuɗin mota, ina sayarwa 45,000 da garantin wata uku. Guda 6 sun dawo, wasu na gyara, ɗaya na canza ta gaba ɗaya. Kuɗin gyaran daga aljihuna yake fita, kuma maƙwabcina yana bayarwa 44,000 ba dawowa. Nawa ya kamata in ɗora a kan kowace fanka? Ko in janye garantin kawai?

Bala Wunti: Wa alaikumus salam. Ɗora kashi goma cikin ɗari a kan komai da ke shagon, shi ke nan ka huta. Ni haka nake yi a nan Bauchi.

Alhaji Ɗanlami: Bala, ka yi daidai da ka ce a farashi za a saka, amma kashi goma a kan komai ba zai yi wa yaron nan ba. Kashi goma na kuɗin fankarsa ya kusa naira 4,000, wa zai saya? Kuma dutsen guga da fanka mai batir ba lalacewarsu ɗaya ba. In ka yi musu kuɗin goro, ka tsauwala wa mai sayen kayan da ba ya dawowa, mai dawowar kuma wataƙila abin da ka ɗora bai ishe shi ba. Sani, kafin in ce komai faɗa min abu biyu. A cikin 80 ɗin nan, nawa ne wata ukunsu ya riga ya cika? Sannan kowace daga cikin shidan me ta ci?

Sani Mai Fanka: Alhaji, na duba littafi. Guda 50 ne wa'adinsu ya cika, kuma duk shidan daga cikinsu suke. Uku batir aka canza musu, 6,000 kowace har da kuɗin mai gyara. Biyu fanel ne ya ƙone, wato allon lantarkin da ke cikin fankar, 8,500 kowace. Wadda na canza kuwa daga sabon sari na ciro, shi kuma ya iso min a 43,000. Kai-komo da kuɗin Keke da aike Kano sun ci kamar 7,000.

Alhaji Ɗanlami: Madalla da kana rubutawa, da yawa ba sa yi. To bari mu bi shi a hankali.

Batir uku 18,000. Fanel biyu 17,000. Wadda ka canza, kar ka lissafa ta da kuɗin da ka sayo ta tun farko, lissafa ta da kuɗin wadda ka ciro ka bayar, wato 43,000, don ita ce ta fita daga shagonka. Amma matacciyar tana hannunka, kuma injinta da fukafukanta da ragarta kuɗi ne, za ka gyara wata da su. Mu ƙaddara ta kai 10,000, saura 33,000. Haɗa da 7,000 na zirga-zirga. Jimla 75,000.

Yanzu ga wurin da mutane ke yaudarar kansu. Za ka so ka raba 75,000 ɗin gida 80, ka samu ƙasa da naira 1,000, ka ce ashe ba yawa. Ba haka ba ne. Guda 30 ɗin da ka sayar daga baya har yanzu suna wuyanka, ba ka san nawa za su dawo ba. Waɗanda suka gama wa'adi kawai za ka raba da su. 75,000 gida 50 ya ba ka 1,500. Ke nan ribar da kake ganin 5,500 ce a kowace fanka, a gaskiya 4,000 ce.

Ni ba zan tsaya a 1,500 ba. Fanka 50 ba su da yawan da za ka dogara da su ɗari bisa ɗari. Da a ce ɗaya daga cikin masu matsalar batir ɗin nan ta ƙi gyaruwa ka canza ta, da lissafin ya haura 2,000 a kowace. Saboda haka saka 2,000. Sabon kayanka ya iso a 43,000, ɗora 2,000 na garanti ya zama 45,000, wannan ita ce uwar kuɗinka ta gaskiya. A kanta za ka ɗora riba. In har 5,500 kake so ta tabbata a hannunka, farashi 50,500 ne. In kasuwa ta ƙi, ribar za ka rage da saninka, ba kuɗin garantin ba.

Kuma kuɗin nan a ware shi. Duk fankar da ta fita, cire 2,000 ka jefa a asusu daban, ko gwangwani ne ko wani akawun da ba ka taɓawa. In ka bar shi a cikin ciniki, ranar da za ka tafi sari za ka haɗa da shi, mai gyara ya zo karɓar kuɗinsa ka fara lalube. Bayan wata uku ka buɗe ka gani. Ya yi saura da yawa, rage zuwa 1,500. Ya ƙare tun kafin lokaci, to ba ƙarin farashi ne magani ba, samfurin ko dilan ne za ka sake dubawa.

Maman Ilham: Ni dai ban ga abin wahala ba. Mu masu sayar da waya, Tecno ko Infinix ko itel ta samu matsala cikin shekara ɗaya, Carlcare muke tura mutum da rasit ɗinsa. Ka tura su kamfani mana.

Sani Mai Fanka: Hajiya, wannan fankar ba ta da ofishi. Sunan da ke jikin kwalin ma yakan canza daga sari zuwa sari. Ni ne kamfanin.

Maman Ilham: Au, to Allah ya ba da sa'a. Amma ko mu ɗin ba kyauta muke sha ba. Wanda wayarsa ta ƙi caji kwana biyu da saye ba ya son jin zancen wani ofishi, shagona zai zo ya zauna. Sau da yawa canza masa nake yi, ni in bi sawun tsohuwar, kuɗina ya kwanta makonni. Wannan kwanciyar kuɗin ma ka sa ta a lissafi.

Injiniya Habu: Ni nake gyaran irin waɗannan, bari in faɗi abin da nake gani a kan tebur. Rabin waɗanda suka dawo maka batir ne, kuma ina kyautata zaton tun a kwali suka fara mutuwa. Yawancin fankokin nan batirin dalma ne a cikinsu, irin baƙin nan mai nauyi. Shi kuwa ko ba a amfani da shi yana zubar da caji a hankali, zafin sito yana ƙara masa sauri, in ya daɗe a kwance ba caji ba ya komawa yadda yake. Sai kwastoma ya kai gida, ta yi masa minti arba'in ta tsaya, ya dawo yana cewa ka sayar masa da jabu.

Sayi mitar auna ƙarfin batir, ba ta da tsada. Kaya na isowa ka buɗe wasu daga ciki ka auna. Batirin da aka rubuta 12V a jikinsa, in lafiyayye ne kuma a cike, za ka ga wajen 12.6 zuwa sama. Ka gan shi ƙasa da 12, yi masa caji, ka bar shi ya kwana, ka sake aunawa, sannan ka kunna fankar ka ga awa nawa za ta yi. In ta sake faɗuwa, kira dilanka tun kayan bai yi mako a wurinka ba, lokacin ne yake sauraro. Waɗanda suka yi kwantai har sanyi ya shigo kuma, riƙa yi musu caji duk bayan wata biyu zuwa uku, kar ka bar su sai zafi ya dawo.

Fanel kuwa ka buɗe ka duba kafin ka ɗauki laifi. In ka ji ƙauri, ka ga baƙi ta wajen da wuta ke shiga, ko fis ya tsinke, galibi wuta ce ta zo da ƙarfi ko janareto. In ba ƙuna, sai dai wani lida ya saki, wannan daga masana'anta ne. Na farkon bai kamata ya shiga asusun da Alhaji ya faɗa ba.

Sani Mai Fanka: Injiniya, ɗaya daga cikin biyun kam baƙi ƙirin yake. Amma mutumin surukin maigidana ne, ban iya buɗe baki ba.

Alhaji Ɗanlami: Irin wannan kowa yana da nasa, shi ya sa ban cire shi daga lissafin ba. Amma daga yau rubuta sharaɗi a bayan rasit: garanti bai shafi ƙunar wuta, shigar ruwa da faɗuwa ba. Rubuta lambar jikin fankar a rasit, in ba ta da lamba ka yi mata taka da maka a ƙarƙashin gindi, ka manna sitika a kan nocin murfin batir. An taɓa kawo min fanka sabuwa fil da tsohon batir a ciki, wai ba ta riƙe caji.

Bala Wunti: Duk wannan dogon lissafi ne. Yi farashi biyu kawai: ga na garanti, ga na in ka fita ka fita. Mai son arha ya ɗauki na biyu, ka yi maganin maƙwabcin naka.

Malam Usman Tumfure: Bala, a nan akwai gyara. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubuta "ba a dawo da kaya" a bango ba ya goge wannan. A fiƙihu ma mai saye yana da zaɓi in ya tarar da aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki. Ke nan farashin arhar ma sai ya ɗauki wani abu na dawowa. Abin da ban da natsuwa da shi shi ne a sayar da garantin da kuɗinsa daban, don akwai malaman da ke ganin ya yi kama da inshora. In a cikin farashi ɗaya yake, ciniki ne kawai. Farashi biyun nan dai a tambayi malami tukuna.

Bala Wunti: Malam, doka tana takarda, mu muna kasuwa. Mutumin da ya zo da 48,000 a aljihu ba zai ba da 50,500 don an yi masa karatun rasit ba.

Alhaji Ɗanlami: Wani zai bayar, wani ba zai bayar ba, kuma ban san wanne ya fi yawa a layinsu Sani ba. Abin da zan ƙara shi ne, kafin ka ɗora wa kwastoma duka 2,000 ɗin, gwada dilanka. Wanda ke ɗaukar fanka 80 a kaka ɗaya yana da bakin magana. Nemi ya riƙa haɗa maka da batir uku ko huɗu da fanel biyu a kowace hamsin, ko ya yarda ya karɓi wadda ta zo a mace daga kwali. In ya ba ka batiran da fanel ɗin, kuɗin mai gyara kawai ya rage a kanka a waɗannan biyar ɗin, lissafin zai sauko kusa da 1,000.

Sani Mai Fanka: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan kira shi, in ji abin da zai ce. Injiniya, guda 12 ne suka rage min na tsohon sari, tun watan Maris suke sama a kan kanta ba a taɓa su ba. In na auna na samu wasu sun yi ƙasa, in canza batirin kafin in sayar, ko in karya farashi in faɗa wa mai saye gaskiya?

Injiniya Habu: Auna tukuna ka turo min abin da mita ta nuna a kowace, kafin caji da kuma washegari. Wadda ta riƙe ka sayar da ita yadda take. Sauran sai mun ga lambobin.