Wai motar haidirojin ruwa zalla take fitarwa ta salansa?

Direban dogon zango: Jama'a, ku warware mana gardama. A tasha wani ya dage cewa motar haidirojin, irin Toyota Mirai, ba abin da ke fita daga salansarta sai ruwa zalla, har mutum zai iya tara kofi ya sha. Ni kuwa na ce duk abin da ya ci mai dole ya yi hayaƙi. Wa ke da gaskiya?

Injiniya: Malam direba, abokin gardamarka ya fi ka kusa da gaskiya, don motar ba ƙona komai take yi ba. Ba fistin a cikinta, ba fulogi. Mota ce ta lantarki wadda ke yin wutarta da kanta tana cikin tafiya.

Mu ɗauki Mirai ta biyu, wadda ta fito a 2020. Tankuna uku gare ta, suna ɗaukar haidirojin kilo 5.6 a matse da ƙarfin bar 700, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba. Kafin gas ɗin ya isa inda zai yi aiki sai an sauke wannan matsi ƙasa ƙwarai. Inda yake aikin kuwa jerin sel ne guda 330, an jera su ɗaya a bayan ɗaya. A tsakiyar kowane sel akwai tantani siriri, an shafa masa garin falatinam a fuskokinsa biyu. Haidirojin na shigowa ta fuska ɗaya, kwamfireso na turo iskar waje ta ɗaya fuskar. Da haidirojin ya taɓa falatinam sai ya rabu gida biyu, furoton da ilektaron. Tantanin yana barin furoton ya ratsa, amma ba ya barin ilektaron, don haka dole ilektaron ya zagaya ta waya. Wannan zagayen shi ne wutar da ke juya injin lantarkin da ke jan tayoyi. A can ɗaya gefen sai su sake haɗuwa da oksijin na cikin iska, su zama ruwa.

```
2H2 → 4H+ + 4e−
O2 + 4H+ + 4e− → 2H2O
```

Sel ɗaya bolt 0.6 zuwa 0.7 kawai yake bayarwa idan yana ɗauke da kaya, shi ya sa ake jera ɗaruruwa. Dukansu a haɗe suna kai kilowat 128. Tunda babu kabon a cikin abin da aka zuba a tanki, babu inda kabon dayoksaid ko baƙin hayaƙi zai fito.

Oga makanike: Injiniya, to mene ne abin mamaki a nan? Motar fetur ma ruwa take ɗigarwa ta salansa da sassafe, kowane yaron gareji ya san wannan. Ni a ganina injin gas ne kawai, kamar waɗanda ake mayarwa CNG, aka sauya masa suna.

Malamar kimiyya: Oga, maganarka ta farko daidai ce, har ta fi yadda kake zato. Fetur kansa kabon ne da haidirojin, kuma lita ɗaya idan ta ƙone tana ba da ruwa kusan lita ɗaya. Ba ka ganinsa ne saboda zafin salansa na fitar da shi a matsayin tururi, sai da safe kafin bututun ya ɗau zafi. Amma wannan litar tana kuma fitar da kabon dayoksaid kilo 2.3.

Maganarka ta biyu ce ban yarda da ita ba. Motar CNG ƙonawa take yi da tartsatsin fulogi. Akwai ma injinan da ke ƙona haidirojin a cikin silinda, kuma su suna fitar da gubar naitirojin oksaid, domin zafin wutar ya isa ya haɗa naitirojin na iska da oksijin. Sel ɗin da Injiniya ya bayyana a kan digiri 60 zuwa 80 yake aiki, bai kai tafasar ruwa ba. A wannan zafin naitirojin yadda ya shiga haka yake fita.

Mai sola: Ni fa na ɗauka wannan ce motar da ake cewa tana shan ruwa maimakon mai. In ruwa take fitarwa, me ya hana a mayar da shi tanki ta yi ta tafiya?

Injiniya: A'a, Malam. Ruwan shi ne abin da ya rage bayan an gama cire ƙarfin. In kana so ka raba shi ya koma haidirojin, sai ka kashe wutar da ta fi wadda ka samu. Kilo ɗaya na haidirojin yana ɗauke da ƙarfin kilowat-awa 33, wato yunit 33 na mitar wuta, sel ya mayar da rabinsa ko ɗan fiye wuta, saura ya tafi a zafi. Amma yin kilo ɗayan daga ruwa yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55. Ka ga ba riba.

Malamar kimiyya: Bari in koma kan kalmar da aka kawo, zalla, don a nan ne nake da ja. Kilo ɗaya na haidirojin yana cin oksijin kilo 8, ya ba da ruwa kilo 9, wato lita 9. Cikakken tankin Mirai kenan zai ba da ruwa wajen lita 50, a tafiyar da aka auna mata ta kusan kilomita 650. Amma motar ba ta ɗauke da tankin oksijin, daga iska take samu, kuma oksijin kusan kashi 23 cikin 100 ne na nauyin iska. Don samun kilo 8 ɗin sai iska kusan kilo 35 ta shiga, kwamfireso kuma yana tura fiye da haka da gangan, don kada sel ya rasa numfashi kuma don iskar ta kwashe ruwan. Saboda haka in ka auna abin da ke fita daga salansar, mafi yawansa iska ce mai ɗumi da laima wadda aka rage wa oksijin. Ruwan ƙaramin kaso ne a ciki, wani tururi, wani ɗigo.

Akwai kuma ɗan haidirojin. A hankali naitirojin da ruwa suna ratsa tantanin su taru a gefen haidirojin, su tare masa hanyar kai wa ga falatinam, ƙarfin sel ya fara sauka. Sai kwamfutar motar ta buɗe wani bawul na ɗan lokaci ta fesar da su, ɗan haidirojin ya biyo su. Ana gauraya shi da iskar salansa kafin ya fita, domin haidirojin yana kama wuta ne idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iska. Ƙa'idar da ake gwada motocin da ita ita ce kada matsakaicinsa a bakin salansa ya wuce wannan kashi 4 a cikin kowace daƙiƙa uku.

Direban dogon zango: To batun sha fa, Malama? Shi ne ya fi tayar da ƙura a tasha.

Malamar kimiyya: Kada a sha, Malam. A cikin sel ruwan sabo ne, amma ya bi ta bututun da ba a yi shi don abin sha ba, ya haɗu da duk abin da ya tsallake matatar iska, kuma yana da ɗan tsami kaɗan. Tantanin ma yayin da yake tsufa yana sakin ɓurɓushin fuloraid a cikinsa, har masu gwaji suna auna wannan a ruwan don su san yadda yake lalacewa. Ita Mirai tana da maɓalli mai rubutun H2O, direba ya danna ta zubar da ruwan da ya taru kafin ya shiga garejin gida, don kada ta jiƙa daɓe.

Oga makanike: Na ji, na janye batun CNG. Amma abin da ke shaƙar iska haka, ya zai yi da ƙurar hunturu? Mu nan matatar iska wata biyu ta toshe.

Injiniya: Tambaya ce mai nauyi, Oga. Ƙura matata na kama ta, sai dai a riƙa sauyawa da wuri, in ba haka ba kwamfireso ya yi ta wahala yana cin wutar da ya kamata ta je tayoyi. Abin da ya fi ƙura haɗari shi ne iskar da ba a gani. Sulfa daga hayaƙin dizal tana manne wa falatinam ta hana shi aiki, shi ya sa matatar tana da sashen da ke kama irin waɗannan gas. Ta gefen tanki ma haka ne. Haidirojin ɗin mota sai tsarkinsa ya kai kashi 99.97, kabon monoksaid kuma kada ya wuce 0.2 cikin miliyan.

Sai batun laima, wanda shi ne wuyar aikin gaba ɗaya. Furoton ba ya ratsa tantani sai yana da danshi. In ya bushe, wuta ta ragu, zafi ya ƙaru, daga baya ya yi ƙananan huji haidirojin ya riƙa tsallakawa. In kuma ruwa ya yi yawa, ya toshe ƙananan hanyoyin iska, sai a ga ƙarfin wasu sel ya faɗi farat ɗaya, ya dawo bayan an fesar. Da haka ake bambanta su: bushewa a hankali take rage ƙarfi, toshewar ruwa kuwa hawa da sauka take sa shi. Ni zafin bazara ya fi damuna. Injin fetur yana zubar da zafi mai yawa ta salansa, wannan kuwa kusan duka ta lagireto yake bi, ga shi ruwan lagireton bai wuce digiri 80 ba. Ranar da waje ya kai 43, tazarar ta ragu, kwamfuta na iya rage ƙarfin motar a kan hawa. Kuma ba a zuba masa ruwan famfo ko na lagireto na kasuwa, sai nasa wanda ba ya ɗaukar wuta, don yana ratsa jerin sel masu ɗaruruwan bolt.

Mai sola: To ni yanzu na gano inda hayaƙin ya ɓuya. In ba daga ruwa ake yin haidirojin ba, daga ina?

Malamar kimiyya: Mafi yawansa a duniya daga gas na ƙasa da kwal ake yi. In daga gas ne, ana haɗa shi da tururi mai tsananin zafi, kowane kilo ya bar kabon dayoksaid kilo 9 zuwa 10 a masana'anta. Mirai ba ta cin kilo ɗaya cif a kilomita 100, ka ce kabon dayoksaid kilo 8 ko 9 kenan. Motar fetur mai shan lita 7 a wannan nisan tana fitar da kilo 16 ta salansa kaɗai. Kusan rabi ne, amma ba sifili ba.

Injiniya: Malama, wannan lissafin masana'anta ne, tambayar kuwa ta salansa ce. Wanda ke tsaye a bayan motar cikin cunkoso ba ya shaƙar guba. In kuma da wutar rana aka raba ruwan, kilo 9 ɗin ma babu su.

Malamar kimiyya: Na yarda da na salansa. Amma wutar ranar da za ta yi kilo ɗaya, kilowat-awa 50 da ɗoriya, in ka zuba ta kai tsaye a motar batir mai cin 15 zuwa 20 a kilomita 100, za ta yi kusan ninki uku na tafiyar.

Injiniya: A ƙaramar mota ba na musu. A tirela mai dogon zango, inda batir ke cinye nauyin kaya, ana cika tanki cikin mintuna ba a zauna jiran caji ba, ban yarda lissafin ya tsaya a nan ba.

Direban dogon zango: To a kawo lissafin tirelar, Injiniya. Kano zuwa Legas da tan 30 a baya, kilo nawa za ta ci, kuma a ina za a cika?