Yawut ya lalace mana a Afrilu: wa zai ɗauki asarar?

Sabuwar Kontabul, Yamai:
Salamu alaikum. Ina riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfanin yawut. A watan Afrilu mun ɗura leda 20,000, kuɗin madara, sukari, leda, ma'aikata da wuta suka kama sefa 1,800,000. Ranar wata Talata wuta ta ɗauke tun azahar, gurup, wato injin ba da wuta, ya ƙi tashi, da safe muka tarar ledoji sun kumbura suna tsami. A ƙarshen wata masu kyau 18,000, lalatattu 2,000. Na raba kuɗin a kan 18,000, kowace leda ta tashi 100, yanzu maigida yana maganar ƙarin farashi. Zuciyata ba ta kwanta ba. Ku da kuka taɓa, yaya kuka yi?

Dattijon Wadata:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Na yi shekaru a wurin ɗura ruwan leda, kuma irin rabon nan na fara yi kafin a gyara mini. Kin haɗa asara biyu a kwano ɗaya. Akwai wadda ba makawa, ledar da bakinta bai liƙe ba, wadda ta fashe a hannu. Akwai kuma ta Talatar nan. Duba watannin da komai ya tafi daidai: cikin ɗari nawa ke lalacewa?

Sabuwar Kontabul:
Baba, kusan 5 ne a kan kowace 100 mai kyau.

Dattijon Wadata:
To. A kan 18,000 ke nan 900 ce asarar da aka saba, sauran 1,100 ta wuce ƙa'ida. Tunda sai an gama ɗurawa kuke tantancewa, lalatacciyar ma ta ci madara da leda kamar ƴar'uwarta, don haka a kan 20,000 za ki raba: 90 kowace ɗaya. Ledoji 900 ɗin sun ci 81,000, ki ɗora su a kan masu kyau: 1,620,000 da 81,000, ya zama 1,701,000, wato 94.5 kowace leda. Ledoji 1,100 kuwa 99,000 ne, kada su taɓa kuɗin kaya. Ki ba su layinsu daban a matsayin asarar watan, maigida ya gan su da idonsa. Ki haɗa biyun, 1,800,000 za ta dawo cif.

Dubi abin da 100 ɗinki za ta jawo. In leda 3,000 sun kwana a firigo ƙarshen wata, za ki rubuta su 300,000 maimakon 283,500. Kin tura 16,500 ta asarar Afrilu cikin Mayu ke nan. Tsarin lissafin kamfanoni na SYSCOHADA ma bai yarda ɓarnar da ta wuce ƙa'ida ta shiga ƙimar kayan ajiya ba.

Ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni:
Baba, a gafarce ni, mu a kan abin da aka ɗura duka, wato 20,000, muke ɗaukar kashi 5. Asarar da aka saba 1,000, a raba kuɗin a kan 19,000, leda ta tashi 94.74, asarar wata kusan 94,700. Ina ganin naku akwai kuskure.

Dattijon Wadata:
Ba kuskure ba ne ɗana, ma'auni ne daban, kuma ana bin hanyarku. Amma ita ta ce a kan masu kyau ta auna biyar ɗinta. Wanda aka ɗauka, a tsaya a kansa kowane wata.

Alhajin Albasa, Tawa:
Ni ma na taɓa irin wannan asarar. Na ajiye albasar Galmi a rudu, bayan wata huɗu buhunan suka ragu, wasu sun ruɓe. Kawai na ƙara kuɗi a kan saura na sayar.

Mai Kula da Injin, Talladje:
Alhaji naku ajiya ce, kuma farashi ya tashi ya rufa muku asiri. Mu yawut farashinsa ba ya motsi. Ƴar'uwa, ki lura da inda abin ya lalace. Mu bara madara ta tsinke mana tun a tukunya, kontabul ya lissafa ta kamar an ɗura, har da kuɗin leda, alhali ledojin na nan a kwali ba a taɓa ba. Madara da sukarin da aka zuba a lissafa su duka, aiki da wuta kuwa gwargwadon inda aka kai. Kuma wanda ke tukunya ƙarshen wata, bai iso wurin tantancewa ba, ba a ɗora masa komai daga 81,000 ɗin nan.

Hajiya Mai Fura da Nono:
Ni inda ban gamsu ba: ɗaukewar wuta a bazara kowace shekara muke shan ta. Abin da ke zuwa duk Afrilu da Mayu, ta yaya za a ce ba a saba da shi ba? Ni kashi 8 nake sawa a watannin zafi.

Dattijon Wadata:
Hajiya, in zafin ne kansa ke ƙara ɓarna ko da komai na aiki, kina da hujja. Amma nan gurup ne ya ƙi tashi, abin da gyara zai hana. In aka sa shi cikin ƙa'ida, ba mai sake tambayar makanike.

Hajiya Mai Fura da Nono:
Wanda ba shi da gurup ɗin fa, Malam?

Sabuwar Kontabul:
Na gode ƙwarai. Na sake takardar da 94.5, na ware 99,000 a ƙasa. Gobe zan ciro lissafin Afrilu da Mayun bara in ga ko biyar ɗin ta tsaya a lokacin zafi.