Kaya iri 200 a shago, wanne zan riƙa ƙirgawa kullum?

Mai Sifiya: Salamu alaikum. Kayan babur nake sayarwa, iri kusan 200 ne a shagon, yarana biyu. Idan muka zauna ƙirga kaya duka sai mun rufe shago kwana biyu, shi ya sa sau ɗaya muke yi a shekara, kuma duk sanda muka yi sai an ga giɓi. Ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke ware kayan da za a sa wa ido?

Ɗan Kwari: Ai wannan ba wuya. Masu tsada ka kulle su a ciki, makulli a aljihunka. Ni shadda mai tsada ba yaron da ke taɓa ta.

Akawun Sito: Alhaji Ɗan Kwari, kullewar daidai ce, amma farashin guda ɗaya yana yaudara. Abin dubawa shi ne kuɗin da kayan ya ci a shekara: adadin da ya fita, sau farashin sari. Shi ake kira tsarin ABC. Bara na yi wa wani ubangidana mai irin shagonka. Man inji gora 3,000 ya fita, kowace ₦4,000, miliyan 12 ke nan. Taya 400 a kan ₦15,000, miliyan 6. Fulogi 2,000 a kan ₦1,000, miliyan 2. Shi kuwa inji sukutum na ₦300,000 da aka lulluɓe da bargo a ƙurya ana ta riritawa, guda ɗaya aka sayar duk shekarar. Man da ya ci miliyan 12 yana jibge a bakin ƙofa, ba mai ƙirga shi.

Da na jera su daga mafi cin kuɗi zuwa ƙasa, jimilla miliyan 40 ce. Iri 20 na sama sun kwashe miliyan 31, su ne A. Iri 50 na biye miliyan 7, su ne B, kuma a nan injin ya faɗo. Sauran 130, su noti da wosha da ƙwan fitila, gaba ɗaya miliyan 2, su ne C. Yanzu A duk Asabar ake ƙirgawa, minti 40 an gama, kuma kaɗan-kaɗan ake saro su don kada jari ya kwanta. B wata-wata. C a saro da yawa, a duba bayan wata shida.

Mai Sifiya: Allah ya saka, Malam. To a littafi zan yi lissafin?

Akawun Sito: Littafi ma ya isa. In kana da Excel, adadi a ginshiƙin B, farashi a ginshiƙin C, daga layi na 2, ka sa lissafin farko na ƙasan nan a D2 ka ja shi ƙasa, ka jera duka layukan bisa D daga babba zuwa ƙarami, sannan na biyu a E2 ka ja shi ƙasa:

```
=B2*C2
=SUM($D$2:D2)/SUM($D$2:$D$201)
```

Inda E ya doshi 0.8, wato kashi 80 cikin ɗari, nan rukunin A ya tsaya. Ba doka ba ce, wasu a 70 suke tsayawa.

Hajiya Mai Kemis: Ni dai na gwada, kuma na sha. Allurar adrenaline ba ta da tsada, ba ta fita sosai, sai ta faɗa C, na manta da ita. Ranar da likita ya aiko nemanta cikin gaggawa, wadda ke shagon wa'adinta ya wuce. Tun daga nan duk maganin ceton rai sai na yi masa jan alama, ko a wane rukuni yake. Kai ma Mai Sifiya, akwai ɗan ƙaramin abin da in bakanike bai samu ba zai koma maƙwabcinka, ya sayi man da tayar a can.

Na Singa: Wai riba ake lissafawa ko ciniki? Don sukari yana cin kuɗi, ribarsa kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Kuma lissafin shekara ya ɓoye mini azumi: dabino wata goma sha ɗaya yana barci, wata guda shi ne sarki.

Akawun Sito: Ba riba ba ce, kuɗin da ke bi ta cikin kayan ne, don a nan ɓata ko sata ke yin ciwo. Batun azumi kana da gaskiya, irin wannan da hannu ake ɗaga shi zuwa A kafin lokacinsa. Kuma da farashin sarin yau za a lissafa duka. Wanda ya gauraya na bara da na bana, jerinsa zai karkace.

Ɗan Kwari: Ban gamsu ba tukuna. Abin da ba a ƙirgawa sai bayan wata shida, kuma yana shiga aljihu, ai yaro ya fi ka sanin ranar ƙirga.

Mai Sifiya: Ni matsalata ma littafin fita bai cika ba. Rasit ɗin sari kawai nake da su. Zan iya farawa da su?

Akawun Sito: Fara da su, amma ka cire abin da har yanzu yake kan kanta, in ba haka ba kayan da suka kwanta za su fito maka a A.