Neman shawara: yaya zan fahimtar da 'yan aji huɗu abin da mai saye ya haƙura da shi?

Malama Rabi, daga yankin Ringim:

Assalamu alaikum, malamai da iyayen gida. Ina koyar da darasin tattalin arziki a wata sakandaren je-ka-ka-dawo, kuma a wannan makon muka iso batun da littafi ke kira ofotuniti kos, wato abin da mutum ya haƙura da shi saboda ya zaɓi wani abu. Na kawo wa 'yan aji huɗu misali da masu tallar da ke zama ƙarƙashin darbejiya lokacin tara: Hauwa tana da naira 200, awara ɗaya naira 50, farantin ɗanwake 200, ƙullin kwaɗon rogo 100, zoɓo 100, shinkafa da wake da ƙwai 500. Na ce ta sayi awara da kuɗinta duka, to me ta sadaukar? Yawancinsu suka rubuta "naira 200", sauran kuma suka jero duk abin da ke kan allo. Don Allah ina neman hanyar da zan gyara wannan kafin jarrabawar zango.

Malam Garba, daga Gwarzo:

Wa alaikumus salam, Malama. A ganina waɗanda suka jero abincin sun fi kusa da gaskiya, domin sun gane cewa ba kuɗin ake tambaya ba. Kuɗin da ya fita daga hannun Hauwa shi ne farashin awara, kuma farashi abu ne da mai talla ta yanka, kowa shi zai biya. Abin da ake nema shi ne abin da bai shiga cikin Hauwa ba saboda ta zaɓi awara. Ni da ni ne, da na ba masu jerin nan makinsu cikakke, na mayar da hankali kan masu cewa naira 200.

Malam Ɗanjuma, tsohon malamin tattalin arziki, Hadejia:

Malam Garba ya faɗi daidai game da kuɗi, amma ina roƙon Malama kada ta ba masu jerin nan maki, domin kuskurensu ya fi na farkon wuyar cirewa idan ya zauna a kai. Naira 200 ɗin Hauwa sau ɗaya za ta kashe ta. Ko da ta bar awara, ba za ta iya cin ɗanwake, ta ci rogo, ta sha zoɓo, ta kuma ci shinkafa ba, domin waɗannan idan aka haɗa naira 900 ne. Ba za a ce mutum ya haƙura da abin da tun farko bai isa ya mallaka ba. Abin da ta sadaukar guda ɗaya ne tak, wato wanda ya zo na biyu a zuciyarta cikin abubuwan da kuɗinta zai iya saya.

Inda misalin naki ya sami tangarɗa, Malama, shi ne ba ki gaya wa yaran abin da Hauwa ta fi so bayan awara ba, saboda haka tambayar ba ta da amsar da za su iya ganowa, sai kowa ya kama abin da ya gani a fili, wato lamba ko jeri. Ga yadda na riƙa yi shekaru da dama, kuma ba ya cin fiye da darasi ɗaya na minti 40.

Ki rubuta farashin a allo kamar yadda kika yi, amma ki ajiye Hauwa gefe tukuna. Ki ce kowane ɗalibi ya ɗauka yana riƙe da naira 200, ya yagi 'yar takarda ya rubuta abin da zai saya, ya kife ta a kan benci. Idan sun gama, ki tsaya a tsakiyar aji ki yi musu tambaya ɗaya: "An buga tara, ka fita da gudu, sai ka tarar mai abin da ka rubuta yau ba ta zo ba. Me za ka saya?" Kowa ya rubuta amsar a bayan takardarsa. Sai ki ce musu abin da ke bayan takardar nan shi ne abin da kowannensu yake biya a zahiri duk ranar da ya sayi na gaban takardar. Kada ki furta sunan Turancin sai an kai wannan gaɓa. Na lura cewa idan kalmar kos ta riga shiga kunnen yaro, hankalinsa yana tafiya wajen kuɗi ne kai tsaye, domin haka aka koya masa ita tun daga lissafin firamare.

Daga nan sai ki ta da yara biyu da suka zaɓi awara amma bayan takardunsu ya bambanta. A ce Sadiya ta rubuta ɗanwake, Musa kuma ya rubuta rogo da zoɓo. Dukansu naira 200 suka biya, awara huɗu-huɗu suka karɓa, amma Sadiya farantin ɗanwake ta bari, Musa kuwa rogo da zoɓo ya bari. A nan ne masu cewa naira 200 suke ganin kuskurensu da idonsu, domin kuɗin iri ɗaya ne amma sadaukarwar ta sha bamban. Rogo da zoɓon Musa kuma zaɓi ɗaya ne duk da abubuwa biyu ne, tunda naira 200 tana sayensu tare. Ki bar shinkafar naira 500 a kan allo da gangan, ita ce tarkonki: duk wanda ya rubuta ta, kin san bai gane cewa dole abin ya kasance cikin ikon aljihunsa ba.

Idan hakan ya zauna, jerin buƙatu bisa fifiko da manhaja ta haɗa da wannan batu zai zo musu da sauƙi, domin tambayar mai talla da ba ta zo ba kawai za ki yi ta maimaitawa har abincin ya ƙare, na ɗaya, na biyu, na uku.

Hajiya Talatu, mai 'ya'ya a sakandare, Ɓaɓura:

Malama, Allah ya saka da alheri da wannan magana. Ni damuwata ita ce yadda yaran nan ke zubar da kuɗin tara a kan zoɓo da alewa maimakon abin da zai riƙe musu ciki har a tashi. Ɗiyata takan dawo da azahar tana jiri, idan na tambaya sai ta ce zoɓo biyu ta sha. Idan darasin nan zai koya musu su riƙa sayen ɗanwake, to wallahi kin taimaki iyaye.

Malam Ɗanjuma:

Hajiya, damuwarki gaskiya ce, sai dai darasin ba ya yanke wa yaro abin da ya kamata ya so. Yana nuna masa ne abin da ya bari a lokacin da ya zaɓa. Amma labarin ɗiyarki misali ne mai kyau ga aji. Zoɓo biyu naira 200 ne a farashin Malama Rabi, kuma idan ɗanwake ne na biyu a ranta, to abin da ta ba da shi ne farantin da zai kai ta azahar ba tare da jiri ba.

Malam Isiyaku, daga Ɗambatta:

Ina da gyara ɗaya da na koya da ɗaci. Na taɓa cewa kowa ya fito da kuɗin tararsa a yi misalin da shi, sai na ga wani yaro a bencin baya ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro, ashe rabonsa da zuwa da ko sisi an yi makonni. Har aka tashi bai ɗago ba, kuma washegari bai zo ajina ba. Tun daga ranar nake yanka tsohon kwali in rubuta 200 a kan kowanne in raba wa kowa daidai. Ki yi hakan, Malama, kada ki tambayi kowa nawa aka ba shi daga gida.

Sannan ina so in ƙara lokaci a cikin misalin. Tararmu minti 30 ce, layin mai ɗanwake yakan ci rabinta, yara maza kuma suna son ƙwallo. Wanda ya tsaya layi ya bar ƙwallo ko da wani ne ya biya masa farantin. Wannan yana nuna musu cewa akwai sadaukarwa ko babu kuɗi a tsakani, kuma shi ne yake buɗe mini ƙofar maganar ranar Lahadi da kasuwarmu ke ci, da lokacin girbi da aji ke raguwa saboda an tafi ƙwadago. Yaron da ya zauna a aji ranar da ake yankan gero ya san sarai nawa ya bari a gona.

Malam Garba:

Na karɓi gyaran Malam Ɗanjuma a kan jeri. Amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Idan Hauwa ta sayi awara uku, naira 150, ta riƙe canjin 50, me ta sadaukar? Ɗanwake ya kuɓuce mata tunda 50 ba ta sayensa, amma kuma ba duk kuɗin ta kashe ba. Kuma me za a ce wa yarinyar da ta rubuta a bayan takarda cewa ita adashi za ta zuba?

Malam Ɗanjuma:

Adashin amsa ce ingantacciya, Malam, domin ajiye kuɗi ma hanya ce ta amfani da shi, kuma abin da ta bari shi ne abin da kwasar za ta saya mata, ko hijabi ne ko takalmin Sallah. Maganar canji kuwa, ni ina kwatanta hannu biyu ne: a hannu ɗaya awara uku da naira 50, a ɗaya hannun farantin ɗanwake. Ta ɗauki na farko, ta bar ɗanwake. Amma ba zan kai wannan aji huɗu a makon farko ba.

Malama Binta, daga Kazaure:

Ni kuwa ina ganin ya kamata a kai shi, domin yaran karkara da ke riƙe tallar iyayensu sun fi mu iya lissafin canji, kuma su da kansu za su tayar da tambayar. Na kan ce musu su auna komai da awara: zoɓo ɗaya awara biyu ne, farantin ɗanwake awara huɗu. Da wannan ma'aunin, ranar da muka zo maganar manomi mai gona ɗaya da ke raba ta tsakanin gero da gyaɗa, ba sa shan wahala. Abin da nake jan kunne a kai shi ne jarrabawar WAEC da NECO da Turanci ake rubuta su, saboda haka bayan sun gane da Hausa, dole su rubuta jimlar Turancin da hannunsu, su kuma iya bambanta ta da farashin kuɗi a rubuce.

Malama Rabi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na riga na samo kwalin da zan yanka, kuma ranar Talata zan yi tambayar mai awarar da ba ta zo ba. Batun canjin naira 50 ban yanke ba tukuna, tunda Malam Ɗanjuma da Malama Binta sun saɓa. Zan ga ko wani yaro zai kawo shi da kansa. Malam Isiyaku, a makarantarmu 'yan mata ba sa ƙwallo, yawancinsu lokacin tara layin famfo suke bi, ko kana ganin shi zan sa a madadinta?