MIPS ya fi yawa amma na'urar ta fi jinkiri: da wanne zan yi hukunci?

Jama'a, a taimaka mini, lissafin nan ya cije mini. Ina kwatanta furosesa biyu, A da B.

A shiri na farko, A ta zartar da umarni biliyan 10 cikin daƙiƙa 10, MIPS ɗinta, wato yawan miliyoyin umarnin da take zartarwa a kowace daƙiƙa, 1000 ke nan. B kuwa umarni biliyan 4 kawai ta buƙata, ta kammala cikin daƙiƙa 5, wato MIPS 800. Mai ƙaramin maki ita ta riga gamawa! Na gane dalili: jerin umarninsu ba iri ɗaya ba ne, don haka na ajiye MIPS na koma ga lokacin aiki.

To, a nan gizo ke saƙa. A shiri na biyu A ta ci daƙiƙa 100, B ta ci 200. Da na raba lokacin B da na A a kowane shiri sai na samu 0.5 a na farko da 2 a na biyu. Matsakaici na yau da kullum ya ba da 1.25, wai B ce mai jinkiri. Da na juya na auna da B, sai A ma ta samu 1.25. Matsakaicin jiyometiri, √(0.5 × 2), ya ba da 1 ko ta ina aka auna, wato kunnen doki. Amma jimillar lokaci 110 ce da 205, kuma wannan tazarar mai jiran aiki zai ji ta a jikinsa.

Shin matsakaicin jiyometiri, da SPEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan gwajin saurin kwamfuta, ke amfani da shi, yana ɓoye ainihin lokacin da za a ɓata ne? Idan shiri na biyu ne ake gudanarwa kullum, yaya zan ba shi nauyinsa a lissafin?