An ce mu koma aiki daga gida, in sa hannu?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Amsa kiran kwastomomi nake yi a wani kamfani, za su rufe ofishinmu na Kano mu koma aiki daga gida. Za a ba ni kwamfuta, amma data da wuta a kaina, in ta lalace kuma a cire a albashina. Takardar ba ta faɗi lokacin tashi ba. Ranar Litinin suke so in sa hannu.

Auwal_Sola: Hajiya, ƙaramar inbata da batir ɗaya sun ishe ki, dubu 450.

Ummu Zara: A ina? Tawa da fanel biyu sai da ta haura dubu 800.

Ɗan Tudun Wada: Kar ki yarda, 'yar'uwa. Ni NEPA ta kawo wuta da ƙarfi ta ƙone kwamfutar ofis, wata uku ana yankar min rabin albashi. Oga kuma sha ɗayan dare zai turo saƙo a WhatsApp, in ban amsa ba a ce ina barci a bakin aiki. Ranar da wayar janareta ta ja ni ina gyara don in shiga mitin, ko kuɗin allura ba su biya ba. Wai a gidana abin ya faru.

Baba Sani: Ɗana, an zalunce ka. Dokar Ƙwadago ta hana cire kuɗin ɓarna sai in ma'aikaci ya yi ganganci ko sakaci, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Duk yankan wata ba zai wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi ba. Rauni kuwa, dokar diyya ta 2010 ta sa kamfani ya riƙa biyan hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa, don wanda ya ji ciwo ta dalilin aiki. Maman Hanif, ki ce su rubuta lokacin farawa da na tashi, da kuɗin data duk wata.

Ummu Zara: Baba, ai doka ta ce awa takwas.

Baba Sani: A'a 'yata, ta bar shi ga yarjejeniya, shi ya sa nake cewa a rubuta. Abin da ta tilasta shi ne hutun awa ɗaya in aiki ya kai awa shida, da yini guda a mako.

Ɗan Tudun Wada: Baba a gwamnati ka yi ritaya. A kamfani ka ambaci doka, gobe an ɗauki wani.

Auwal_Sola: In aikin a gida ne, Hanif ma a sa shi a albashi 😂

Maman Hanif: To in sun ƙi gyarawa fa?

Ummu Zara: Ni datar ce damuwata. Tun ƙarin kashi 50 na 2025, ta wata ba ta kai min sati uku. Wane layi ke ja a Hotoro?