SYN-ACK ne na biyu ko na uku? Ina da tes jibi, handawut ya rikita ni

Ɗan_Aji_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jibi Alhamis muke da tes a kos ɗin sadarwar kwamfuta, kuma ina cikin tsaka mai wuya. Yadda na fahimci haɗuwar TCP shi ne: kwamfutata ta aika SYN, saba ta mayar da SYN-ACK, sannan kwamfutata ta rufe da ACK. To amma handawut ɗin malaminmu ya zana kibiya uku ya rubuta SYN, sai ACK, sai SYN-ACK a ƙarshe. Na ce bari in gani da idona, na kunna hotsfot ɗin wayata na kama saƙonnin da manhajar tcpdump. Ga abin da ya fito, na yanke adireshi da sauran tarkace:

```
Flags [S], seq 3842017755
Flags [S.], seq 1290554310, ack 3842017756
Flags [.], ack 1
```

Layi biyu na farko sun yi daidai da fahimtata. Na ukun ne ya ɗaure min kai, daga ina 1 ya fito? Sannan babbar tambayar: in ta fito a tes, abin da na gani zan rubuta ko abin da ke handawut?

Sadiq_Kebul:
SYN, SYN-ACK, ACK. Shi ke nan. Haddace ka wuce wurin.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ni dai huɗu aka koya mana fa. FIN, ACK, FIN, ACK. Har yanzu littafina yana nan.

Sadiq_Kebul:
Anti, wannan ai na sallamar rabuwa ne. Shi yaro buɗe ƙofa yake tambaya, ke kina rufewa.

Baba_Rauta:
Ƙanena, fahimtarka daidai take, kuma abin da ka kama ma ya tabbatar maka. S SYN ne, ɗigon nan kuma shi ne ACK a rubutun tcpdump, don haka `[S.]` yana nufin tutoci biyu a saƙo ɗaya.

Duba lambobinka da kyau. Kwamfutarka ta ce za ta fara ƙirga daga 3842017755. Saba ta amsa da ack 3842017756, wato ta ƙara ɗaya, domin SYN yana cin gurbi ɗaya a ƙirga ko da bai ɗauko kaya ba. A cikin wannan saƙon dai ta faɗi tata lambar, 1290554310. Saura kwamfutarka ta nuna ta ji, don haka ainihin abin da ya bi waya a saƙo na uku ack 1290554311 ne. Wancan 1 ɗin tcpdump ne ya sauƙaƙa maka: da zarar ya ga lambobin farko na ɓangarorin biyu, sai ya koma nuna tazara daga can. Sake kamawa da wannan ka gani:

```
sudo tcpdump -n -S 'tcp port 80'
```

Wireshark, ɗan'uwan tcpdump wajen kama saƙonni, shi ma haka yake yi, har ya fi, tun daga layin farko zai nuna maka Seq=0, na biyu Seq=0 Ack=1, na uku Seq=1 Ack=1. Ɗalibai da yawa daga nan suke ɗauka wai TCP daga sifili yake farawa kullum.

Ɗan_Aji_Biyu:
Allah ya saka da alheri Baba. Na sa `-S` ɗin, wallahi na uku ya fito daidai da lambar saba da ƙarin ɗaya. Saura maganar tes.

Mai_Kariyoba:
Ɗan'uwa, ka saurare ni, ni na ɗanɗana. Waɗannan da ke ba ka lambobi ba su ne za su yi makin takardarka ba.

Shekara huɗu da suka wuce, a wata makaranta da ba zan kira sunanta ba, mun sami irin wannan. Handawut ɗin mutumin ya ce wai saba ce take fara aika SYN. Ni kuma a lokacin jinina na tafasa, na kwana ina kama fakiti a shagon wani abokina, na buga hoton Wireshark a takarda har da kala, na kai masa ofis. Ya karɓa, ya juya ta, ya ajiye kofin shayinsa a kai. Ya ce, "Kai ne za ka koya min abin da nake koyarwa tun kana firamare?" Na ba da haƙuri na fita. Ranar jarabawa tambayar ta fito, maki 15, na rubuta gaskiya har da zane. Sakamako ya fito na faɗi. Na nemi a sake duba takardata, aka ce in biya kuɗin fom, na biya, har yau ban ji komai ba. Abokaina suka tafi hidimar ƙasa ina zaune ina maimaita kos ɗaya tal. Mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta ta biya min kuɗin zangon. A karo na biyu na rubuta masa shirmensa kalma da kalma, ya ba ni B.

Don haka ka rubuta abin da ke handawut. In ka karɓi takardar kammala karatunka ka yi ta gaskiyarka a waje.

Zee_Linux:
Allah sarki, abin ba daɗi. Amma kai ma ka kai masa takarda ofis kamar mai kai sammaci. Ni da na sami kuskure a nawa malamin, bayan lakca na tare shi na ce, "Yallabai, ban gane nan ba, na ga wani abu daban a kwamfuta." Ya duba ya ce mai buga takardar ce ta juya layin, washegari ya gyara a gaban aji. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Mai_Kariyoba:
Hajiya, ke mace ce, daban ake karɓarku. Kuma ba ki san mutumin nan ba.

Zee_Linux:
To ga shi kuma. Mu uku ne mata a aji na mutum tamanin, ka zo ka ji yadda ake karɓarmu.

Gwanin_Tsakar_Gida:
Ni tun bara na aika SYN gidan su wata a unguwarmu, har yau ina SYN-SENT. Malamai a duba min.

Sadiq_Kebul:
Kai naka ba shiru ba ne, babanta ya mayar maka da RST tuntuni, kai ne ka ƙi karantawa.

Baba_Rauta:
Wasa kuke amma bambancin na da amfani a wurin aiki. In ka aika SYN zuwa tashar da babu mai saurare, nan take ake mayar maka da RST, wato saƙon ƙin haɗuwa, ka ga `Connection refused`. In kuma fayawol ne ya haɗiye saƙon, ba ka jin komai, kwamfutarka ta yi ta maimaita SYN, bayan daƙiƙa ɗaya, tazarar na ƙaruwa, har ta gaji. A Linux, in ba a taɓa saitin ba, abin yana kai wajen minti biyu. Da ka ga `[S]` yana ta jeruwa da lamba iri ɗaya babu `[S.]`, ka san inda za ka fara nema.

Game da handawut ɗin, ina zargin na san inda aka yi tuntuɓe. A RFC 793 na 1981, takardar ƙa'idojin TCP, an fara jera abin a mataki huɗu: A ya aika SYN, B ya amsa da ACK, B ya aika nasa SYN, A ya amsa da ACK. Sai aka ce na biyu da na uku duk daga B suke, a haɗe su a saƙo ɗaya, shi ya sa suka zama uku. Mai yiwuwa wanda ya tsara takardarku ya haɗe na uku da na huɗu ne. Wannan kuwa ba zai yiwu ba, tunda ɗaya daga saba yake, ɗaya daga kwamfutarka. Ka tambayi kanka: in SYN-ACK ne na ƙarshe, wa zai amsa wannan SYN ɗin?

Injiniya_Nura:
Duk wannan dogon bayani ne. ACK ɗin ƙarshe ladabi ne kawai, da SYN-ACK ya iso an riga an haɗu. Ni ina da CCNA, satifiket ɗin Cisco na sadarwar kwamfuta, na san abin da nake faɗa.

Baba_Rauta:
Rabi ka faɗa, Injiniya. A wajen mai nema, e, yana shiga ESTABLISHED da zarar SYN-ACK ya iso. Saba kuwa tana nan a SYN-RECEIVED har sai ACK ɗin ya zo, in bai zo ba ta sake aiko SYN-ACK. Ta ina za ta san SYN ɗin farko ba tsohon saƙo ba ne da ya makale a hanya, ko na wanda ya ari adireshin wani? Harin ambaliyar SYN ai a wannan gurbin yake zama: a cika ta da SYN, a ƙi ƙarasawa.

Injiniya_Nura:
Baba da girmanka, wane satifiket gare ka?

Baba_Rauta:
Babu ko ɗaya. Shekara 16 dai ina jan waya a silin mutane.

Zee_Linux:
Injiniya, naka ɗin ma in ya wuce shekara uku ba ka sabunta ba ai ya mutu. Na yaushe ne?

Ummu_Hanan:
Tunda an tabo maganar, nawa ake yin CCNA ɗin yanzu? Ƙanena yake so. Wata cibiya ta ce masa naira dubu 150 har da satifiket.

Sadiq_Kebul:
Dubu 150 har da satifiket? Anti, jarabawar CCNA ɗin, 200-301, ita kaɗai dala 300 ce, ki buga da canjin yau ki gani. Takardar halarta za su ba shi, wadda suke bugawa a bayan shago. Ni dubu 80 na biya na koyo kawai, wata uku.

Injiniya_Nura:
Dubu 80 ai Packet Tracer, manhajar kwaikwayon rauta, za a kunna maka a majigi. Ni dubu 250 na biya, da rauta na gaske a gabana.

Mai_Kariyoba:
Ni kuma ko sisi ban biya ba, Packet Tracer kyauta ne in ka yi rajista, ka shiga yanayin Simulation ka ga ambulan ɗin SYN yana tafiya da idonka. Abin da ke ci min rai shi ne makarantunmu. Mun biya kuɗin ɗakin gwaji shekara huɗu, sau biyu na shiga. Na farko babu wuta, na biyu mai makulli ya tafi ɗaurin aure. Suwic ɗin da ke ciki har da ledarsu, ƙura ta rufe. Amma handawut dole ka saya, kuma ana rubuta sunan wanda ya saya.

Gwanin_Tsakar_Gida:
Namu ɗakin an mayar da shi wurin ajiye kujerun taron yaye ɗalibai.

Ɗan_Aji_Biyu:
Jama'a na gode, amma har yanzu ban san me zan rubuta ba. Tunanin da nake yi shi ne gobe in bi shawarar Anti Zee in tare shi bayan lakca. In bai shigo ba, zan zana kibiyoyin da lambobi, x, sai y da x+1, sai y+1, ko ya ga hujjar da kansa.

Mai_Kariyoba:
Ni ma da lambobi na zana nawa.

Ummu_Hanan:
Sadiq, ita cibiyar taka ta dubu 80 ɗin, suna yin ajin Asabar da Lahadi? Yaron yana zaman shago sauran ranakun.